Me Layin CCI Yake Aunawa? Lissafin Donald Lambert Daki-Daki

Duk wanda ya taɓa buɗe manhajar cinikin kuɗaɗen waje ko zinare ko hannun jari a wayarsa, ya leƙa jerin ma'aunan da ake ɗorawa a ƙarƙashin jadawalin farashi, zai ci karo da wani mai suna Commodity Channel Index, wanda aka fi sani da CCI. Layi ne guda da ke hawa da sauka, an tsaga masa iyaka biyu, ɗaya a +100, ɗaya a -100. Abin da akasarin masu koyarwa ke faɗa wa sababbin shiga shi ne: in ya haura ɗari, kaya sun yi tsada, ka sayar; in ya gangara ƙasa da -100, sun yi araha, ka saya. Wannan karatu ya ci kuɗin mutane da yawa, kuma dalilin yana cikin lissafin da ke haifar da layin. Lissafin kuwa bai fi ƙarfin ɗalibin ƙaramar sakandare ba. Tarawa ne da ɗebewa da rabawa.

Wani Ba'amurke mai suna Donald Lambert ne ya fito da shi a shekarar 1980, cikin wata mujallar 'yan kasuwa mai suna Commodities. Hankalinsa na kan kayan da ake cinikinsu da yawa a manyan kasuwanni, irin su hatsi da ƙarafa, waɗanda ya yi imani farashinsu na zagayawa, ya hau ya sauka a kan wani lokaci da ke maimaita kansa. Yana neman hanyar da zai gane cewa farashi ya bar zaman da ya saba, ya kama sabuwar tafiya. Daga baya aka kwashi ma'aunin aka kai shi kan hannun jari da kuɗaɗen ƙasashe da duk wani abu mai farashi, amma lissafin bai canza ba. Ga shi yadda ake rubuta shi:

```
TP  = (H + L + C) / 3
CCI = (TP - SMA) / (0.015 * MD)
```

Harufan sun fi lissafin ban tsoro. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya da misali.

Wakilin farashin yini

A kowane yinin kasuwa, farashi yana da wurin da ya fi hawa, da wurin da ya fi sauka, da wurin da aka tashi a kansa. Su ne H da L da C a layin farko. Ma'aunai da yawa farashin tashi kaɗai suke ɗauka su yi watsi da sauran. Lambert ya haɗa ukun ya raba da uku, abin da ya fito shi ne TP, wanda za mu kira wakilin farashin yini. Hikimar a fili take. Mai yiwuwa ne kasuwa ta wuni tana ciniki a sama, sai daf da tashi wani babban mai sayarwa ya zubo kaya farashi ya faɗi. Wanda ya duba farashin tashi kawai zai ɗauka haka aka wuni. Wakilin farashi yana riƙe da labarin yinin fiye da haka, ko da yake shi ma bai san farashin da aka buɗe da shi ba, bai kuma san yawan kayan da aka sayar ba.

Mu ɗauki masara a kasuwar Chicago, inda ake faɗin farashi da senti a kan kowane bushel, ma'aunin hatsi na Amurka da ya ɗan haura kilo 25 in masara ce. Alƙaluman da ke ƙasa na ƙirƙire su ne domin sauƙin lissafi, ba na wani mako na gaske ba ne. Na kuma taƙaita su zuwa kwana biyar, alhali a aikace an fi amfani da kwana 20 ko 14.

| Rana | Sama | Ƙasa | Tashi | Wakilin farashi |
|---|---|---|---|---|
| 1 | 444 | 436 | 440 | 440 |
| 2 | 446 | 437 | 443 | 442 |
| 3 | 445 | 438 | 440 | 441 |
| 4 | 449 | 439 | 447 | 445 |
| 5 | 457 | 445 | 454 | 452 |

Dubi rana ta biyar. An haɗa 457 da 445 da 454, suka ba da 1356, aka raba da uku, aka samu 452. Haka aka yi wa sauran ranakun.

Mataki na biyu shi ne SMA, wato matsakaicin waɗannan wakilai biyar. Jimillarsu 2220 ce, in an raba da biyar a samu 444. Nan ne cibiyar da farashi ya zauna a makon. Yau kuma yana 452, ya nisanci cibiyar da senti 8. Wannan 8 ɗin ita ce saman lissafin, kuma da a nan aka tsaya, da ba a yi wani abin kirki ba. Senti 8 da yawa ne ko kaɗan? Ba mai iya amsawa sai ya san halin kasuwar. A makon da farashi ke tsalle da senti 20 kullum, 8 ba komai ba ce. A makon da ya kwanta yana motsi da rabin senti, 8 babban labari ce.

Matsakaicin tazara

Amsar wannan tambaya ita ce MD, kuma a ganina nan ne zuciyar ma'aunin take. Ana ɗaukar wakilin farashin kowace rana a cikin kwanakin biyar, a auna nisansa da cibiyar yau, wato 444, ba tare da kula da ko yana sama ko yana ƙasa ba. Nisa kawai ake so. Rana ta farko 440 ce, nisanta 4. Ta biyu 442, nisanta 2. Ta uku 441, nisanta 3. Ta huɗu 445, nisanta 1. Ta biyar 452, nisanta 8. Jimilla 18, a raba da biyar, a samu 3.6. Ma'anarsa, a wannan makon, farashi kan nisanci cibiyarsa da kimanin senti 3.6 a rana.

Me ya sa ake zubar da alamar ɗebewa? Domin in an bar ta, waɗanda ke ƙasa da cibiya za su cinye waɗanda ke sama daidai wa daida. A misalinmu na ƙasa su ne 4 da 2 da 3, tara ke nan. Na sama su ne 1 da 8, tara ke nan. Sifili za a samu, kuma haka zai kasance a kowane jerin alƙaluma, don halin matsakaici ke nan. A riƙe wannan daidaito na tara da tara, zai yi mana amfani nan gaba.

Yanzu sai a kammala. A ninka 3.6 da 0.015, a samu 0.054. A raba 8 da 0.054, a samu kusan 148. CCI na rana ta biyar ke nan.

Abin da aka yi kamar auna fili ne da taku. Nisan da yaro zai ce taku ashirin ne, dogon mutum zai ce goma sha biyu, alhali filin ɗaya ne. CCI na auna nisan farashin yau da takun da kasuwar kanta ta saba yi a 'yan kwanakin nan, kuma takun yana tsawo yana gajarta daga rana zuwa rana. Wannan ne ya sa za a iya kwatanta CCI na masara da na zinare duk da bambancin farashinsu, domin senti da dala sun ɓace a wajen rabawa.

Ita kuwa 0.015 ba daga wata dokar lissafi ta fito ba. Lambert ne ya zaɓe ta domin kimanin kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na sakamakon su faɗa tsakanin -100 da +100. In aka juya lissafin za a ga abin da take nufi: CCI zai kai 100 daidai lokacin da farashi ya nisanci cibiya da ninki ɗaya da rabi na matsakaicin tazara. A misalinmu ɗaya da rabi na 3.6 shi ne 5.4, don haka da wakilin farashi ya wuce cibiya da fiye da senti 5.4, layin ya tsallake ɗari. Iyakar sirrin ɗarin ke nan. Kuma wancan kashi 70 zuwa 80 ba alkawari ba ne, ya danganta da yawan kwanakin da aka zaɓa da halin kasuwar.

Rana ta shida

A ce washegari masara ta kai 456 a sama, 448 a ƙasa, aka tashi a 455. Wakilin farashi ya zama 453. Farashin tashi ya fi na jiya, wakilin farashi ma ya fi na jiya. Mai hankali zai zaci layin zai ƙara hawa.

Sai dai kwanakin lissafi sun matsa gaba. Rana ta farko mai 440 ta fita, ta shida ta shigo. Yanzu muna da 442, 441, 445, 452 da 453, matsakaicinsu 446.6. Nisan kowace rana da wannan sabuwar cibiya shi ne 4.6, 5.6, 1.6, 5.4 da 6.4, jimilla 23.6, matsakaicin tazara 4.72. Saman lissafin ya ragu daga 8 zuwa 6.4 domin cibiyar ta biyo farashi, ƙasansa kuma ya ƙaru domin kasuwar ta buɗe taku. Sakamakon ya zama kusan 90. Farashi ya hau, CCI ya faɗo daga 148 zuwa 90, har ya koma ƙasa da layin ɗari.

Wanda bai san lissafin ba zai ga layin ya karye ya ce kasuwa ta juya. Ba ta juya ba. Abin da ya faru shi ne tsallen jiya ya riga ya shiga cikin abin da ma'aunin ke ɗauka a matsayin al'ada. Saukar CCI na iya nufin farashi na faɗuwa, tana kuma iya nufin yana hawa amma ba da ƙarfin jiya ba, kuma layin shi kaɗai ba zai bambance maka su ba. Dole ido ya koma kan farashin.

Akwai abin da ya fi wannan muhimmanci ga mai sayarwa duk lokacin da ya ga an haura ɗari. A ce farashi na ƙaruwa da senti ɗaya kullum, babu fashi, kuma ana lissafi da kwana 20. Ranar ƙarshe za ta nisanci cibiya da 9.5, matsakaicin tazara zai zama 5, CCI ya tsaya a kusan 127. Gobe 127, jibi 127, haka zai zauna muddin hawan na ci gaba, ko wata shida zai yi. Ko senti goma ake ƙarawa kullum maimakon ɗaya, 127 ɗin dai za a gani. Wato zama sama da ɗari shi ne kamannin kasuwar da ke tafiya a miƙe. Wanda ya sayar a ranar farko don an ce masa kaya sun yi tsada, zai zauna yana kallon farashi na nisa da shi, in kuma da bashin dillali ya shiga cinikin, ajiyarsa ce za ta narke.

Abin lura shi ne Lambert da kansa akasin haka ya karanta layin. A tsarinsa, haura +100 alama ce ta saye, domin farashi ya fita daga zamansa ya kama hawa, a riƙe har sai layin ya dawo ƙasa da +100 sannan a fita. Haka a ɗaya ɓangaren, gangarawa ƙasa da -100 alama ce ta shiga cinikin faɗuwar farashi. Karatun tsada da araha daga baya ya yaɗu. Yana iya aiki a kasuwar da ke kai-kawo tsakanin iyakoki biyu, yana kuma cutarwa a kasuwar da ta kama hanya. Tsarin Lambert shi ma yana da tasa illar, kuma misalinmu ya nuna ta: da ya sa mutum ya saya a rana ta biyar a 454, ya fitar da shi a ta shida a 455, ribar senti ɗaya da kuɗin dillali zai iya cinyewa. A kasuwar da ba ta da alkibla, irin wannan shiga da fita kan yi yawa har su tara asara.

Rufin da ba a cika faɗa ba

Sau da yawa za ka ji an ce CCI ba shi da iyaka, zai iya kaiwa ko nawa. Ba haka ba ne, kuma tara da taran da muka gani ɗazu ne hujja. Tun da nisan na sama da na ƙasa daidai suke, rana guda ba za ta iya ɗaukar fiye da rabin jimillar tazara ba. In aka bi wannan zuwa ƙarshe, mafi girman abin da CCI zai iya kaiwa shi ne yawan kwanaki a raba da 0.03. Da kwana 5, rufin kusan 167 ne. Da 14, kusan 467. Da 20, kusan 667. Don haka mai lissafi da kwana biyar da ke jiran layin ya taɓa 200 zai jira har abada, kuma 148 ɗin misalinmu ta kusa rufi, alhali 148 a lissafin kwana 20 ba abin mamaki ba ce. Lambobin mutum biyu da suka zaɓi kwanaki daban-daban ba sa kwatantuwa. A nan ya kamata a san cewa manhajoji ba su daidaita ba: MetaTrader kan zo da 14, wasu kuma da 20.

Yaushe ake taɓa rufin? A ce wakilin farashi ya zauna a 440 kwana huɗu cur, a na biyar ya zama 441. Matsakaici 440.2 ne, tazarar ranaku huɗun 0.2 kowace, ta yau 0.8, matsakaicin tazara 0.32. CCI ya fito 167, ƙololuwa, a kan motsin senti ɗaya. Da farashin ya yi tsalle zuwa 500 a maimakon 441, amsar dai 167 ce. Wannan ita ce babbar makantar ma'aunin. Bayan kasuwa ta yi kwanaki a kwance, ƙasan lissafin kan ƙanƙance har ɗan motsi ya fito kamar girgizar ƙasa. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: duk lokacin da layin ya yi wani mugun tsalle, a duba senti nawa ko dala nawa farashin ya motsa a zahiri, a kwatanta da kuɗin da shiga cinikin zai ci. In kuwa duk ranakun farashi ɗaya ne, matsakaicin tazara sifili ne, lissafin ma ba ya yiwuwa.

Game da zaɓen kwanaki, shawarar Lambert ita ce a ɗauki kashi ɗaya bisa uku na tsawon zagayen da kayan ke yi. In daga faɗuwa zuwa faɗuwa kwana 60 ne, a yi lissafi da 20. Shawara ce mai ma'ana, amma ta jingina ne da cewa akwai zagayen, kuma mutum ya riga ya gano shi ta wata hanya. CCI ba ya gano zagaye da kansa.

Mai karatu da ke harkar hatsi zai iya tambaya ko wannan zai yi aiki a kasuwa irin ta Dawanau. Lissafin bai damu da inda alƙaluma suka fito ba. Matsalar ita ce samun su: yana buƙatar farashin sama da na ƙasa da na tashi na kowace rana, na kaya iri ɗaya mai nauyi ɗaya da inganci ɗaya. A inda kowane ciniki ke ƙarewa tsakanin mai saye da dillali, buhu kuma ya bambanta da buhu, sai mutum ya ɗauki nauyin rubuta su da kansa a kan ƙa'ida guda, kullum a lokaci guda.

In za ka lissafa da kanka

Ina ba duk mai son amfani da ma'aunin shawarar ya gina shi sau ɗaya a Excel. In farashin sama na shafin B, na ƙasa na C, na tashi na D, kuma ranaku biyar ɗin na layi na 2 zuwa na 6, layuka biyu sun wadatar:

```
E2: =(B2+C2+D2)/3
F6: =(E6-AVERAGE(E2:E6))/(0.015*AVEDEV(E2:E6))
```

A ja na farkon zuwa ƙasa. AVEDEV shi ne ke fitar da matsakaicin tazara yadda Lambert ya nufa, kuma da alƙaluman teburinmu F6 zai nuna 148.1.

Kurakurai biyu ne suka fi yawa a nan. Na farko shi ne sa STDEV a wurin AVEDEV. Shi STDEV yana ninka kowace tazara da kanta kafin ya tara, don haka manyan tsalle-tsalle sun fi nauyi a cikinsa, sakamakonsa kuma ya fi girma. A misalinmu zai ba da kusan 4.85 maimakon 3.6, CCI ya sauko daga 148 zuwa 110. Layin zai yi kama da na gaske a ido, sai dai ya ƙanƙance, tsallake ɗari ya yi wuya, tun da 0.015 ba don wannan lissafin aka zaɓe ta ba.

Na biyun ya fi ɓuya. Mutum kan buɗe shafi guda na matsakaici, wani shafin kuma na nisan kowace rana da nata matsakaicin na ranar, sannan ya ɗauki matsakaicin wannan shafin. Ga ido ya yi tsari, amma ba shi ba ne. Ƙa'idar ta ce duk ranakun da cibiyar yau za a auna su, wanda ke nufin kowace sabuwar rana sai an sake lissafin tazarar gaba ɗaya, kamar yadda muka yi a rana ta shida. Akwai gwaji mai sauƙi da ke tona wannan kuskure. A cika shafin wakilin farashi da 1, 2, 3, 4 har zuwa 60, a duba layin ƙarshe. Lissafi na daidai da kwana 20 zai ba da 126.7, da kwana 5 kuma 111.1. Mai kuskuren zai ba da 66.7 ko da kwana nawa aka zaɓa.

In an tsallake waɗannan biyun amma lambar Excel ta ƙi dacewa da ta wayar, sai a duba saitin manhajar. Wasu na barin mutum ya zaɓi farashin da za a yi lissafi da shi, kuma in yana kan Close maimakon Typical Price ko hlc3, da farashin tashi kaɗai ake aiki. Sai kuma batun lokaci: a kasuwannin da ba sa rufewa dare da rana, dillali ne ke yanke sa'ar da yini ke ƙarewa, dillalai biyu kuma na iya yankewa a sa'o'i daban, sama da ƙasa da tashin yininsu su bambanta. Ranar da ba ta ƙare ba ma lambarta ba ta tabbata ba, domin farashin yanzu ne ke zaune a gurbin na tashi. Layin da ya haura ɗari da azahar na iya komawa 70 kafin a rufe, don haka da ranakun da suka kammala kaɗai ake kwatanta lissafin biyu.